Littafi Bai Sauya Ba, Tambaya Ta Sauya: Wasiƙar Ɗalibar Ajin Ƙarshe Ga Mai Duba Kundinta

Ɗalibin da ke karanta Hausa ko adabi a jami'o'inmu ba ya karɓar digirin farko sai ya rubuta kundi. Galibi tun ƙarshen aji uku ko farkon aji huɗu ake ce masa ya kawo take biyu ko uku, sashe ya amince da ɗaya, a haɗa shi da malamin da zai duba masa aikin. Matsalar tana nan tun daga tushe: yawancin ɗalibai suna zaɓen take ne kafin su yi wa littafin karatun nazari. Sun karanta shi a sakandare, ko sun ji an yi bayaninsa a aji, sai su rubuta "Jigon kaza a littafin kaza" su miƙa. Sai aiki ya yi nisa, an gama babi na ɗaya da na biyu, sannan littafin ya fara nuna musu wani abin da ya fi abin da suka yi alkawarin nema.

A nan ɗalibai kan kasu. Wani ya danne abin da ya gano, ya ƙarasa tsohon take ba tare da ransa na ciki ba. Wani kuma ya juya akalar aikin a ɓoye, sai malami ya buɗe babi na huɗu ya tarar da abin da ba su taɓa magana a kai ba. Hanya ta uku ita ce ɗalibi ya zauna ya rubuta wa malaminsa wasiƙa, ya faɗi abin da ya gano, ya nemi izinin sauya alkibla. Ita ce ta fi wuya, kuma a ganina ita kaɗai ce ke kare ɗalibin da malamin gaba ɗaya.

Sauya alkibla daban yake da sauya maudu'i. Wanda ya bar Ruwan Bagaja ya koma nazarin waƙoƙin Mamman Shata ya sauya maudu'i, kuma wannan magana ce ta sashe, domin tana iya jawo a sauya masa malami ma. Wanda ya tsaya kan littafinsa amma ya sauya tambayar da yake yi wa littafin, shi ne ya sauya alkibla. Wannan na biyun malami na iya amincewa da shi a teburinsa, sai dai idan kalmomin take za su motsa, to dole a sanar da jami'in da ke kula da kundaye, saboda take da ke rubuce a sashe shi ake sa ran gani a bangon kundi ranar miƙawa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi dalla-dalla. A ce wata ɗaliba ce aka amince mata da take "Jigon Bauta a Littafin Shaihu Umar". Littafin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, yana cikin waɗanda suka fito daga gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Ɗan ƙaramin littafi ne, ana iya karance shi a zama ɗaya. Wani babban malami ne a garin Rauta almajiransa suka tambaye shi asalinsa, sai ya ɗauko musu labari tun daga Kagara: yadda bai tashi ya san mahaifinsa ba, yadda mahaifiyarsa ta auri Makau bafaden sarki, yadda fadawa suka ƙulla wa Makau sharri aka kore shi, yadda aka sace shi Umar yana yaro, ya faɗa hannun masu cinikin bayi a Kano, har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ɗa ya kai shi Masar, inda ya yi karatu ya zama shaihi. Ita kuwa uwar ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta aka sayar, ta ratsa hamada ta Murzuk har Tarabulus. A can suka haɗu bayan shekaru masu yawa, ba a jima ba ta rasu.

Kowa ya ga bauta a wannan labari, shi ya sa take ya zo wa ɗalibar da sauƙi. Amma da ta shiga bitar ayyukan da suka gabata sai ta tarar filin ya sha noma. Tun fassarar Turanci da Mervyn Hiskett ya yi a 1967 ake tattauna littafin ta fuskar bauta da fataucin hamada, kuma kundayen da ta gani a ɗakin karatu na sashe suna bin sawu ɗaya: a kawo ma'anar jigo, a kawo ma'anar bauta, a jero wuraren da aka kama mutum ko aka sayar. Tana cikin yin irin wannan jeri nata ne ta lura da wani abu. Shaihu Umar shi ke ba da labarin da bakinsa, amma babban kaso na abin da yake faɗi bai gan shi da idonsa ba. Lokacin da ake ƙulla wa Makau makirci a fada, shi yaro ne ƙarami. Lokacin da ake sayar da uwarsa ana ratsa hamada da ita, shi yana Masar yana karatu. Duk da haka yana kawo maganganun mutane kamar yana wurin. Kuma wahala mafi tsanani a littafin, wato ta uwar, ta bakin ɗan da bauta ta zame wa tsani muke jin ta.

Ga irin wasiƙar da ya kamata ta rubuta. Na tsara ta ne don misali.

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ina fatan Malam da iyali kuna lafiya.

"Na rubuto ne in nemi izinin Malam in sauya alkiblar kundina. Take da aka amince mini shi ne 'Jigon Bauta a Littafin Shaihu Umar'. Ina roƙon a bar ni in mai da shi 'Muryar Mai Ba da Labari da Labarin Uwa a Littafin Shaihu Umar'. Littafin bai sauya ba, kuma ban yar da batun bauta ba.

"Abin da ya kawo haka shi ne, da nake tattara misalan babi na uku, na raba littafin gida biyu: abin da Shaihu Umar ya gani da kansa, da abin da ya faru ba ya wurin. Sai na ga korar Makau daga Kagara da dukan tafiyar mahaifiyarsa daga Kano zuwa Tarabulus sun faɗa gida na biyu. Ko da mun ɗauka ita ce ta ba shi labarinta a ɗan zaman da suka yi kafin rasuwarta, abin da ya iso gare mu ya biyo ta bakinsa ne, a matsayinsa na dattijon malami da ke magana da almajirai. Na haɗa takarda guda da ke nuna shafukan kowane gida, daga bugun da Malam ya ce in yi amfani da shi.

"Da tsohon take, abin da zan iya yi shi ne in lissafa wuraren da bauta ta fito, kuma kundayen da na yi bita a babi na biyu sun riga sun yi haka. Da sabon take zan tambayi abin da ban ga sun tambaya ba: yaya zaɓen wannan mai ba da labari ya shafi yadda mai karatu yake jin bautar uwa idan aka gwada da ta ɗa? Hasashena shi ne natsuwar muryarsa da yawan mai da al'amari ga ƙaddara suna sassauta zafin abin da ya same ta. Mai yiwuwa nazari ya nuna akasin haka, kuma zan rubuta abin da na samu.

"Game da aikin da aka riga aka yi: a babi na ɗaya zan sake dalilin bincike da manufarsa da farfajiyarsa, sauran su zauna. Babi na biyu zai zauna yadda Malam ya gyara shi, sai ƙarin sashe guda kan ayyukan da suka yi magana a kan zubi da tsari da mai ba da labari. Tarihin marubuci ba zai motsa ba. Babi na uku zai koma kan mai ba da labari, babi na huɗu ya kwatanta bautar ɗa da ta uwa, inda misalan da na riga na tara za su shiga. Ba zan taɓa wasan kwaikwayo ko fim ɗin da aka yi daga littafin ba.

"Saura mako 8 a miƙa kundi. Idan Malam ya amince, zan kawo gyararrun babi na ɗaya da na biyu cikin kwana 10, babi na uku bayan mako 2, na huɗu bayan wasu mako 2, ya rage lokacin kammalawa da gyaran Malam da ɗaurin kundi.

"Na san wannan zai sa Malam ya sake karanta abin da ya riga ya duba, ina neman afuwa a kan haka. Idan Malam ya ga lokaci ba zai isa ba, zan tsaya kan tsohon take in sa wannan batu ya zama sashe guda a babi na huɗu. Ina roƙon Malam ya ba ni lokacin da zan zo ofis in ji shawararsa.

"Na gode, Allah ya ƙara girma. Ɗalibar Malam."

A ƙasa sai ta sa cikakken sunanta da lambar rajista da kwanan wata.

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi shi ne buƙatar ta fito tun a sakin layi na biyu, da tsohon take da sabo kusa da juna. Tarbiyyarmu ta koya mana kada mu faɗa wa babba buƙata kai tsaye, sai an yi gaisuwa an kewaya. Gaisuwar tana nan, kuma dole ce. Amma malamin da ke duba kundin ɗalibai da dama a zango guda, ga aji ga gyaran jarrabawa, idan ya karanta rabin shafi bai san abin da ake nema ba, zai ajiye takardar ya ce a zo a same shi. Ladabin da ya fi amfani a nan shi ne a rage masa wahalar lalube. Ban haƙuri ma sau ɗaya ya zo, kuma a kan abin da ya cancanta, wato ƙarin karatun da aka ɗora masa. Ɗalibar ba ta nemi gafara don ta gano wani abu a littafi ba, domin abin da aka tura ta yi ke nan.

Zuciyar wasiƙar ita ce sakin layi na uku, kuma nan ne mafi yawan irin waɗannan wasiƙu suke faɗuwa. Ɗalibi zai rubuta cewa ya ga sabon batun ya fi burge shi, ko ya rasa kayan aiki a kan tsohon. Duk malamin da ya daɗe yana duba kundi ya san waɗannan jimloli, kuma ya san sau da yawa ma'anarsu ita ce aiki ya yi tauri ana neman hanyar gudu. Abin da ke raba mai gudu da mai nazari shi ne hujja daga cikin littafin. Ita wannan ɗaliba ta faɗi abin da ta yi da hannunta, ta raba littafi gida biyu, ta ambaci Kagara da Kano da Tarabulus, ta haɗa shafuka. Malam na iya ɗauko nasa kwafin ya duba cikin 'yan mintoci ya ga ko gaskiya ne. Ambaton bugun da aka yi amfani da shi ma ba ƙaramin abu ba ne, saboda an sha sake buga tsofaffin littattafan nan, lambobin shafi kuma ba lallai su dace daga bugu zuwa bugu ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da ɗalibi zai yi wa kansa kafin ya ɗauki alƙalami. Ya gwada faɗin sabuwar tambayarsa a jimla ɗaya wadda amsarta za ta iya zama e ko a'a, ko kuwa ta iya fitowa saɓanin zatonsa. "Jigon bauta" ba tambaya ba ce, suna ne na fili, kuma ba yadda za a yi mutum ya yi kuskure a cikinsa, shi ya sa kundayen da ke ɗauke da irin wannan take suke kama da juna. Amma cewa muryar Shaihu Umar tana sassauta wahalar uwarsa magana ce da wani zai iya musantawa. Zai iya cewa natsuwar muryar ce ma take ƙara wa abin nauyi, domin mai karatu yana jin abin da dattijon ya haɗiye bai faɗa ba. Tunda ana iya jayayya, to akwai abin rubutawa a babi biyu. Idan ɗalibi ya kasa fitar da irin wannan jimla, bai kai lokacin rubuta wasiƙa ba tukuna, ya koma ga littafi.

Sai lissafin abin da zai tsira daga tsohon aiki. Ina ganin wannan sakin layi shi ne yake sa malamai da yawa su ce to. Abin da malami yake tsoro shi ne a rushe komai a faro daga fari alhali lokaci ya ƙure. Idan aka nuna masa babi-babi cewa tarihin marubuci yana nan, bita tana nan da ƙarin sashe guda, misalan bauta sun sami sabon mazauni a babi na huɗu, sai ya ga gyara ne ake nema. Sai dai a yi gaskiya a lissafin. Ɗalibai kan manta cewa hujjar ci gaba da bincike, wadda ke rufe babi na biyu a tsarin sassa da yawa, an gina ta ne a kan tsohuwar tambaya. Idan aka bar ta yadda take, kundi zai yi alkawarin abu ɗaya a farko ya cika wani a ƙarshe, kuma irin wannan saɓani shi ne abin da mai jarrabawa na waje yake fara kamawa: ya karanta manufar bincike, ya tsallaka kammalawa, ya ga ba su san juna ba.

Jimlar nan ta cewa ba za ta taɓa wasan kwaikwayo ko fim ba tana da dalili. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da littafin wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Ga mai nazarin mai ba da labari wannan babban kwaɗayi ne, domin a dandamali ko a fim uwar tana fitowa da jikinta ta yi magana da bakinta. Kwatancen zai yi armashi ƙwarai, amma aikin digiri na biyu ne, ba na mako 8 ba. Sauyin alkibla mai kyau yawanci ƙuntata fili yake yi. Idan sabon take ya fi tsohon faɗi, ya ƙaro littattafai ko ya jawo wani fanni, alama ce ta cewa ɗalibi bai gama tunani ba.

Ba kowace irin wannan wasiƙa ce ta cancanci amincewa ba, kuma ko wannan da muka gani tana da inda za a kama ta. Malami mai zurfi zai iya ce mata: kin ɗauko ma'aunin wani wuri kin auna littafin 1934. Mai ba da labari a gargajiyarmu, ko mai tatsuniya ko mai ba da tarihin sarakuna, ba a taɓa tambayarsa ko yana wurin. Littattafan gasar nan ma sun yi amfani da wannan siga ta mutum ya zauna ya ba masu sauraro labarin kansa, kamar yadda Alhaji Imam ya yi a Ruwan Bagaja da yadda Ganɗoki ya yi wa yara. Saboda haka abin da kika gani a matsayin giɓi mai yiwuwa al'adar ba da labari ce kawai. Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma ba ta kashe sabon take ba, sai dai ta tilasta ɗalibar ta gyara harshenta. Ba za ta ce Tafawa Ɓalewa ya yi kuskure ba. Za ta ce ga abin da wannan siga ta jawo a wannan littafi musamman, inda wadda ta fi kowa shan wuya ba ita ke riƙe da labarin ba.

Haka nan malami zai tambaye ta ra'in da za ta ɗora aikin a kai. Masanin adabin nan na Faransa, Gérard Genette, ya bambanta tambayoyi biyu da ake yawan cakuɗawa: wa ke magana a labari, kuma da idon wa ake gani. Wannan bambanci kaɗai ya ishe ta aiki, kuma ana iya bayyana shi da Hausa garau a shafi guda. Don tarihin rubutun zube kuwa tana da Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya fito a 1988, da littafin Graham Furniss na 1996 kan waƙa da zube da al'adun Hausa. Idan ba ta taɓa buɗe ko ɗaya daga ayyukan da suka shafi mai ba da labari ba, kuma saura mako 3 maimakon 8, malamin da ya hana ta ya yi mata adalci. Shi ya sa wasiƙar ta bar ƙofa a buɗe, ta kawo mafita ta biyu da kanta: a tsaya kan tsohon take, sabon batu ya zama sashe guda. Wannan ba ja da baya ba ne. Sau da yawa irin wannan sashe shi ne yake zama mafi kyawun shafukan kundi, kuma daga shi ake fitar da take na digiri na biyu.

Saura maganar yadda za a isar da ita. Saƙon waya na dare, ko tare malami a bakin mota, ba su dace da wannan batu ba, domin ba za su ɗauki hujja da jadawali ba, kuma ba sa barin shaida. A buga wasiƙar a takarda, kada ta wuce shafi ɗaya da rabi, a haɗa takardar shafuka, a kai ofis da hannu ko a aika ta imel idan malamin haka yake so. Idan an zauna an tattauna ya amince, ɗalibar ta roƙe shi ya rubuta amincewarsa da kwanan wata a jikin wasiƙar, ta riƙe kwafi, ta kai wani ga jami'in kula da kundaye don a gyara take a rajistar sashe. Malamai kan tafi hutun bincike ko taro, wani lokaci a miƙa ɗalibansu ga wani malamin a tsakiyar zango, kuma sabon mai dubawa abin da ke rubuce a fayil zai bi. Daga nan sai ta koma babi na ɗaya ta fara da manufar bincike, domin sauran gyare-gyaren duk daga ita za su biyo.